Jadawalin Kwatanta Ra'o'i a Ilimin Zamantakewa

Jadawalin kwatanta ra'o'i hanya ce ta taƙaita babin da ya ƙunshi ra'o'i masu karo da juna. Ana ba kowane ra'i layinsa a kwance, sannan a raba layin gida uku: jigon da'awarsa, ƙarfinsa, da sukar da aka yi masa. Kafin a ja layi ko ɗaya, ana rubuta tambayar da babin yake amsawa a saman takarda, domin ra'o'in ba sa kwatantuwa sai an ɗora su a kan tambaya guda.

A ɗauki babin bambancin matsayi tsakanin mutane. Tambayarsa ita ce: me ya sa wasu suka fi wasu samu da daraja? A shekarar 1945 Kingsley Davis da Wilbert Moore suka ce fifikon yana yi wa al'umma aiki, don lada mai tsoka shi ke jawo masu hazaƙa zuwa ayyuka masu muhimmanci da ke buƙatar doguwar koyo. Wannan ne zai shiga gidan farko, cikin jimla ɗaya. Rubuta "ra'in yana magana a kan rashin daidaito" kuskure ne, domin duk ra'o'in babin a kan haka suke magana. Idan jimlar za ta zauna daram a layin wani ra'i, ba a kamo jigon ba tukuna.

Gidan ƙarfi yana faɗin abin da ra'in ya iya bayyanawa: a nan, dalilin da ya sa likita, bayan shekarun karatu, ya fi lebura albashi.

Gidan suka ne ya fi wuya, kuma a nan ɗalibai suka fi zamewa. Suka ta gaskiya tana dukan da'awar kanta, kuma tana da mai ita. Melvin Tumin, a 1953, ya tambaya: da wane ma'auni aka gane wani aiki ya fi wani muhimmanci? Ya kuma nuna cewa fifikon kansa yana danne hazaƙa, tunda ɗan talaka mai basira ba ya samun damar koyon. Da sunan Tumin da hujjar tasa, duka su shiga gidan.

Sau da yawa sukar wani ra'i ita ce jigon wanda ke biye da shi a jadawalin. Karl Marx ya ɗora bambancin a kan mallakar hanyoyin samar da dukiya. Max Weber ya ce dukiya kaɗai ba ta isa ba, akwai daraja da iko, kamar yadda malamin zaure marar abin hannu yake da girman da wani attajirin bai samu ba.

Jadawali yana da iyaka. Gidajensa girmansu ɗaya, sai mai karatu ya ɗauka hujjojin ma nauyinsu ɗaya, kuma ba ya nuna wa ya riga wa magana. Shi ya sa ake sa shekara kusa da kowane suna, da lambar shafin babin a kowane gida.