Gubar abinci: yaushe za a kwanta a gida, yaushe za a nufi asibiti?

Idan aka ce mutum ya ci gubar abinci, ba ana nufin wani ya zuba masa wani abu ba ne. Ƙwayoyin cuta ne suka hayayyafa a cikin abincin, ko kuma suka saki dafinsu a ciki tun kafin a ci. Abincin da ya kwana a waje ba a sa shi a firji ba, yana yawan kawo wannan, kuma sau da yawa ba ya wari, ba ya yauƙi, don haka sansanawa ba hujja ba ce.

A ce an dafa shinkafa da dare, ta kwana a tukunya, da safe aka ɗumama aka ci. Bayan awa biyu ko uku sai tashin zuciya, sai amai ba ƙaƙƙautawa, ciki yana murɗawa. Saurin nan alama ce ta dafi, wanda ɗumamawa ba ta kashe shi ko da abincin ya yi zafi jau. Irin wannan yakan taso cikin rabin awa zuwa awa 6, ya lafa cikin kwana ɗaya. Ƙwayar salmonela kuwa ba ta gaggawa: tana iya ɗaukar awa 6 har zuwa kwana 6 kafin gudawa da zazzaɓi su bayyana.

Abin tsoro a nan shi ne ruwan jikin da ke tsiyayewa. Muddin ruwa yana zama a ciki kuma fitsari na fita yadda aka saba, a kwanta a huta. A riƙa kurɓar ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. Kwankwaɗa shi gaba ɗaya amai yake tayarwa. Idan babu na ƙunshi, a zuba cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri, shafaffu ba masu tozo ba, a lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa. Masu garzayawa su sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa, su sani ba ya taɓa dafi.

Amma a tafi asibiti idan an ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi ya kai digiri 39, ko gudawa ta wuce kwana 3, ko duk abin da aka sha sai ya dawo. Haka ma idan baki ya bushe, fitsari ya ɗauke, jiri na ɗibar mutum in ya miƙe. Wannan wataƙila sai an yi masa ƙarin ruwa. Da jini ko zazzaɓi, kada a sha maganin tsayar da gudawa. Ganin abu bibbiyu, fatar ido ta saki, haɗiya ko numfashi ya yi wuya, alama ce wani dafi ya taɓa jijiyoyi, a tafi nan take ko tsakar dare ne.

Yaro ɗan ƙasa da shekara 5, mai juna biyu, wanda ya haura 65 da mai raunin garkuwar jiki, ba a jira musu kwana 3. Jaririn da ya ƙi kama nono, idanunsa suka zurma, yake kuka ba hawaye, a kai shi a lokacin.