Yadda mintuna 2,000 na GitHub Actions ke ƙarewa tun wata bai raba ba

A ɗauka ku uku ne a Jidda, kuna haɗa manhajar waya da Flutter wadda masu jigilar 'yan Umara za su riƙa bin sawun motocinsu da ita. Lambar manhajar tana rumbu na sirri a GitHub, a tsarin kyauta. Duk wanda ya yi `git push`, na'urorin GitHub su ɗauka, su gwada, su haɗa ta Android da ta iPhone. Tsarin ya ba ku mintuna 2,000 a wata da megabait 500 na ajiya. Sai ga shi ranar goma ga wata komai ya tsaya cak, kowa na tambayar ina mintunan suka shiga.

Mintin da ake ƙirga muku ba na agogon bango ba ne. Minti ɗaya a na'urar Linux ɗaya ne, a Windows kusan biyu, a macOS kuwa wajen goma. Kuma kowane aiki ana cike masa guntun mintinsa: wanda ya ɗauki minti uku da daƙiƙa goma, huɗu za a rubuta. Asusun mai rumbun ake cirewa, ba na wanda ya tura ba, don haka ku ukun daga tukunya ɗaya kuke ci. Abin da ya rage a ƙarshen wata ba ya bin ku zuwa wata mai kamawa.

To mu yi lissafi. Gwaji a Linux minti 4. Haɗa ta Android a Linux minti 8. Haɗa ta iPhone dole sai a macOS, minti 12 a agogo, wato 120 a lissafi. Turawa ɗaya ta ci 132 ke nan. Raba 2,000 da 132, turawa goma sha biyar kawai kuke da ita a wata guda, abin da mutum uku za su iya cinyewa daga Lahadi zuwa Alhamis, balle a ce azumi ya matso ana gyare-gyare ba dare ba rana. Wanda ya gyara wasali ɗaya a rubutun shafin farko, shi ma 132 ya ƙona.

Akwai wadda ta fi wannan ciwo. Idan aiki ya maƙale, GitHub ba ya kashe shi sai ya cika minti 360, in ba ku kuka rage ba. A macOS wannan 3,600 ne, ya zarce rabon watan gaba ɗaya, a dare guda kuna barci.

Ni a ganina maganin farko shi ne a raba iPhone da turawar yau da kullum. A bar ta sai an yi wa sigar da za a saki alama:

```yaml
ios:
  if: startsWith(github.ref, 'refs/tags/v')
  runs-on: macos-latest
  timeout-minutes: 25
```

Yanzu turawa ta koma minti 12, aikin iPhone kuma in ya maƙale a minti 25 za a kashe shi. Ɗari a wata 1,200 ne, haɗa iPhone sau huɗu 480, jimilla 1,680. Har da canji.

Ajiya kuma tata ƙa'idar daban, domin ba ta komawa sifili da kamawar sabon wata. Duk fayil ɗin da kuka adana da `upload-artifact` yana zaune kwana 90 idan ba ku ce komai ba. Idan APK ɗinku, wato fayil ɗin manhajar Android, megabait 60 ne, takwas sun kai 480, na tara ya haye layi. Alamar ita ce gwaji ya wuce lafiya, haɗawa ta wuce, sai matakin ƙarshe ya yi ja da saƙon `Artifact storage quota has been hit`. A nan mutane ke rikicewa: su goge tsofaffin fayiloli, su sake turawa, saƙon ya dawo. Ba gogewar ce ta ƙi ba, sake lissafin ne ke ɗaukar awa 6 zuwa 12. Sake turawar ma ƙarin mintuna take ci, gara a haƙura zuwa safiya.

Sanya `retention-days: 3` yana taimakawa, amma shi kaɗai bai isa ba. Turawa biyar a rana, kwana uku, APK goma sha biyar ke nan, megabait 900. Sai an haɗa da adana APK daga reshen `main` kawai, sauran rassa a gwada su a wuce. Kada kuma a rikita wannan da ma'ajiyar `actions/cache`: ita tana da nata gigabait 10 a kowane rumbu, kuma abin da aka kwana bakwai ba a taɓa ba share shi ake yi.

Biyan tsarin Team yana kai ku mintuna 3,000 da gigabait 2, amma da tsohon tsarinku na 132 turawa bakwai kacal ya ƙara muku. Rumbun da aka buɗe wa kowa ba a ƙirga masa mintuna a na'urori na gama-gari, sai dai lambar da kuka rubuta wa mai kamfanin jigila ba taku ba ce da za ku baje a kasuwa.