Tace rubutu daga salon na'ura

Tace rubutu daga salon na'ura wani mataki ne na gyaran rubutu da ake yi bayan manhajar ƙirƙirarriyar basira ta sake tsara abin da mutum ya rubuta. A wannan mataki ana cire kalmomin da suka cika kunne amma ba su ɗauke da wani bayani, ana rage jimlolin da suke buɗewa da kalma iri ɗaya, sannan a mayar da bayanan da suka zube a hanya. Bukatarsa ta ƙaru tun bayan fitowar ChatGPT a watan Nuwamban 2022, lokacin da irin waɗannan manhajoji suka shiga wayoyin jama'a, har ya zama sakataren ƙungiya a ƙauye ko malamin firamare yana iya miƙa wa waya takardarsa ta gyara masa ita.

Asalin matsalar

Waɗannan manhajoji suna gina jimla ne ta hanyar hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya, bisa ga tarin rubuce-rubucen da aka horar da su a kai. Saboda haka sukan karkata ga lafazin da ya fi yawan fitowa, wanda zai zauna daidai a kowace magana, ko ta noma ce ko ta asibiti. A Hausa akwai ƙarin dalili, domin rubutacciyar Hausar da ke intanet ba ta kai ko kusa da ta Ingilishi ba, shi ya sa ake yawan jin ƙashin Ingilishi a ƙarƙashin jimlar da manhaja ta fitar. Maganganu kamar "a duniyar yau mai saurin sauyawa" da "yana da muhimmanci a lura cewa" kalmominsu na Hausa ne, amma ba haka Bahaushe yake buɗe zance ba.

Yadda ake gane holoƙon kalma

Gwajin da ya fi sauƙi shi ne a rufe kalmar da yatsa a karanta jimlar ba tare da ita ba. Idan mai karatu bai rasa komai ba, to kalmar ba ta aikin komai. Idan ana shakka, sai a yi wa jimlar tambayoyin da mai sauraro zai yi: wa zai yi, me zai kawo, nawa ne, yaushe, a ina? Jimlar da take cewa wani abu "zai taka muhimmiyar rawa wajen bunƙasa ci gaba mai ɗorewa" ba ta amsa ko ɗaya, kuma ana iya ɗauke ta daga sanarwar taki a liƙa ta a ta rigakafin shanu ba tare da an taɓa harafi ba.

Misali daga aikin ƙungiyar manoma

A ɗauka sakataren wata ƙungiyar manoman rani a wani ƙauye na ƙasar Haɗeja ya rubuta sanarwa da biro a takardar da ya yago daga littafin rajista. Abin da ya rubuta gajere ne: taki ya iso, kowane mamba yana da buhu biyu na yuriya mai kilo 50, za a raba ranar Asabar bayan La'asar a ƙofar gidan mai unguwa, kuma wanda bai biya kuɗin ƙungiya ba sai ya biya kafin a ba shi. Ɗansa ya ɗauki hoton takardar ya sa manhaja ta "ƙawata" ta, sai ta dawo kamar haka:

"A wannan zamani na ci gaba, noma yana taka muhimmiyar rawa wajen inganta rayuwar al'umma. Bugu da ƙari, ƙungiyarmu ta himmatu wajen samar da ingantattun kayan aikin gona ga dukkan mambobinta. Bugu da ƙari, za a gudanar da rabon ranar Asabar da yamma. Bugu da ƙari, ana ƙarfafa wa mambobi gwiwa su sauke nauyin da ke kansu."

Mai gyara yakan fara da ajiye takardar asali kusa da sabuwar, yana bin su layi-layi. Jimlar farko ba ta da tushe a takardar sakatare, kuma manomin da ya kwana yana ban ruwa ba ya bukatar a sanar da shi amfanin noma, don haka a cire ta ɗungurum. A jimla ta biyu ɓarnar ta fi girma, domin "ingantattun kayan aikin gona" ta haɗiye sunan takin da adadin buhunan, har wani zai iya zaton injin ban ruwa za a raba. Kalmar "dukkan" kuma ta yi alkawarin da sakatare bai yi ba. A ta uku an sauya "bayan La'asar" da "da yamma", an kuma yar da wurin rabon. Ta huɗu ta mayar da sharaɗin biyan kuɗi ya zama nasiha, wanda shi ne abin da zai haddasa cacar baki ranar rabo idan mutum ya zo da amalanke aka ce ba shi da kaso.

Bayan gyara sanarwar takan koma kamar haka: "Assalamu alaikum. Ana sanar da mambobi cewa taki ya iso. Kowa yana da buhu biyu na yuriya mai kilo 50, kuma za a raba ranar Asabar bayan La'asar a ƙofar gidan mai unguwa. Wanda ake bi kuɗin ƙungiya sai ya biya kafin ya karɓa." Abin lura a nan shi ne goge kalmomi kaɗai ba zai kai ga wannan sakamako ba, domin da an tsaya ga share holoƙon kalmomi, da abin da zai rage bai wuce "za a yi rabo ranar Asabar" ba.

Maimaita mabuɗin jimla

"Bugu da ƙari", "haka zalika" da "har ila yau" Hausa ce ingantacciya, kuma ana jin su kullum a labaran rediyo. Aibin yana zuwa ne idan suka jeru a farkon kowace jimla alhali jimlolin ba ƙari suke yi wa juna ba. Kuskuren da masu gyara suka fi yi shi ne musanya su, a bar na farko, a mai da na biyu "haka zalika", na uku "daɗin daɗawa", wanda ba ya magance komai sai sauya wa matsalar riga. Abin da ya dace shi ne a tambayi alaƙar jimlar da wadda ta gabace ta: idan dalili ce a sa "domin", idan saɓani ne a sa "amma", idan jeri ne na lokaci a sa "sai" ko "sannan", idan kuwa babu wata alaƙa ta musamman a bar jimlar ta fara da abin da take magana a kai. Karanta rubutun da ƙarfi yana tona wannan aibi da sauri, tunda kunne yana kama maimaicin da ido ya tsallake.

Iyakar aikin

Ba kowane lafazin da aka saba da shi ba ne holoƙo. Sallama, "bayan gaisuwa mai yawa" a wasiƙa, da addu'ar rufewa suna nuna ladabi ga wanda ake rubuta wa, kuma cire su daga takardar da za ta je gaban dagaci ko hakimi rashin tarbiyya ne. Haka kuma maimaicin da marubuci ya yi da gangan, kamar amshi a waƙa ko jaddadawa a wa'azi, ba ya cikin abin da ake cirewa. Waɗannan alamomi ba hujja ba ce cewa na'ura ce ta yi rubutun, domin jawaban taro da takardun ofis sun daɗe cike da irinsu tun kafin zuwan manhajojin, kuma bai kamata malami ya tuhumi ɗalibi don kawai ya ga "bugu da ƙari" sau uku a shafi ɗaya ba.