Maiƙon da ya kama filtar kicin da tayil, ta yaya ake fitar da shi?

Filtar na'urar zuƙe hayaƙin kicin ɗina ta yi baƙi, sai danƙo take kamar ƙaro, na sa omo na goge amma ko gezau. Me zan yi?

'Yar uwa matsalar ruwan sanyi ne da gaggawa. Man da tururin suya ke ɗauka yana zama a ragar, zafi na dukansa kullum iska na busar da shi, ƙura ta hau kai musamman lokacin hunturu, a hankali sai ya daskare ya koma danƙo, irin wannan kuwa goga kaɗai ba ta ɗaga shi sai an jiƙa. Ki kashe wutar na'urar, ki bari ta huce, ki danna ɗan makullin ki zaro filtar. Samu baho mai faɗi da za ta kwanta a ciki gaba ɗaya, ki zuba ruwan zafi sosai kamar lita 5, sabulun ruwa na wanke-wanke cokali 2 babba, sai bekin soda cokali 4. Ita sodar a hankali ake zubawa don tana tasowa da kumfa a ruwan zafi. Ki bar ta minti 20 zuwa 30, za ki ga ruwan ya koma ja-ja, mai na yawo a sama. Daga nan sai burushi mai laushi ko tsohon burushin haƙori, ki bi ragar gaba da baya, ki ɗauraye da ruwan zafi.

In ta shekara ba a taɓa ta ba, jiƙo ɗaya ba zai isa ba, zubar ki haɗa sabo. Yadda za ki gane ta fita, ki ɗaga ta wajen haske, duk inda haske bai ratsa ba to da sauran maiƙo a ciki. Kuma don Allah ki bari ta bushe ƙarau kafin ki mayar. Ruwan jiƙon nan kar ki tuttula shi a sink haka nan, in man ya huce cikin fayif shi ke toshe shi, ki bari ya sha iska ki kwashe na saman da takarda tukuna.

An ce in sa sodar da ake haɗa sabulu da ita, ko kanwa, wai sun fi ƙarfi?

A nan ne mutane ke lalata filta. Yawancin filtar gida alminiyam ce, mara nauyi, raga hawa-hawa, kuma sodar sabulu cin alminiyam take, tana tafarfasa a jikinsa har ta fitar da iska mai kama wuta, ga ƙona fata. Kar ki kusanta da ita ko kaɗan. Kanwa da ruwan toka suna yanka maiƙo da gaske, iyayenmu sun san haka tuntuni, amma su ma in jiƙon ya daɗe sai ƙarfen ya dushe ya yi toka-toka, kuma ƙyallin ba ya dawowa. Sannan ki duba bayan ragar, in akwai wata baƙar filta ta gawayi, wannan yawanci ba a wanke ta, canzawa ake bayan wata 3 zuwa 6.

To tayil ɗin bayan murhu fa?

Shi ya fi sauƙi tunda yana da santsi. Ki fara shafe man da ke sama da tishu ko tsumma busasshe, in kika fara da ruwa baza shi kawai za ki yi. Sai ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, ki shafa ki bar shi minti 5 zuwa 10, kar ki bari ya bushe, ki goge da soso mai laushi. Inda ya yi taurin kai ki kwaɓa bekin soda cokali 3 da ruwa cokali 1 ya yi kauri, ki shafa, bayan minti 15 ki murza. Wani abin da ke ba mutane mamaki, ɗigon man gyaɗa a tsumma yana narkar da tsohon danƙon, kin ga daga baya sai ki bi da sabulu.

Layin da ke tsakanin tayil shi ne aikin, don simintinsa na shan mai, nan burushin haƙori da kwaɓin soda ne za su yi, layi-layi ba gaggawa. Ki ajiye soson ƙarfe gefe, yana karce fuskar tayil, maiƙo kuma ya samu maɓoya. Wajen soket kuma ki kashe shi, ki matse tsumman sosai. In kin gama ki ja yatsa a kai, in ya yi ƙara ya fita, in yana kamawa da saura.

Binega ko bilic ba za su yi ba?

Binega ba ta da ƙarfi a kan maiƙo, amfaninta a ƙarshe ne wajen cire dabbaren sabulu, kuma in bangon mabul ne kar ta taɓa shi, tana cinsa. Haɗa ta da bekin soda kumfa ce kawai, kashe juna suke. Bilic kuwa sa abu ya yi fari yake, ba ya narkar da mai, kuma haɗa shi da binega na fitar da iska mai guba da ke shaƙe mutum, kar ki taɓa haɗa su.

Sau nawa zan riƙa wankewa?

Filta sau ɗaya a wata. In gidan da ake suya kullum ne, ƙosai, doya, kifi, ko lokacin azumi, to duk sati biyu. Tayil kuwa da kin sauke tukunya ki goge da tsumma mai sabulu tun man bai daskare ba.