Ƙarfen da ya tsage bayan ban ruwa: tambayoyi da amsoshi

An ce ban ruwa, wato gasa ƙarfe sannan a tsoma shi a ruwa, tauri yake ƙara wa ƙarfe, to yaya ƙarfe zai tsage da kansa alhali ba a buge shi ba?

Abin da ya sami wani ɗalibin injiniyanci ya isa misali. An ba shi guntun ƙarfe mai kaurin milimita 10, wanda kabon ɗinsa ya kai kashi 0.8 cikin ɗari, da huda guda kusa da gefe. Ya gasa shi a tanderu a kan digiri 900 na ma'aunin Celsius, maimakon wajen 800 da irin wannan ƙarfe yake buƙata, sannan ya tsoma shi a ruwan sanyi. Da ya goga masa zarto ya ji zarton yana zamewa bai kama ba, sai ya tabbata aiki ya yi, ya ajiye shi a kan tebur ya tafi gida. Washegari ya tarar da tsaga siririya ta taso daga bakin hudar har gefe. Babu wanda ya taɓa shi da dare. Ƙarfin da ya tsaga shi tun lokacin ban ruwa ya maƙale a cikinsa, wato ja-in-ja tsakanin bayan ƙarfen da cikinsa, wanda ya saura bayan zafi ya tafi.

Daga ina wannan ja-in-ja ya fito?

Idan aka gasa irin wannan ƙarfe ya wuce digiri 727, tsarinsa na ciki yakan koma abin da ake kira ostenait, inda kabon yake narkewa a cikinsa. Idan aka sanyaya shi farat ɗaya, kabon ba ya samun damar fita, sai tsarin ya rikiɗe ya zama matensait, mai tauri ƙwarai amma mai gautsi. Wannan rikiɗa tana farawa ne bayan zafi ya sauko wajen digiri 220, kuma tana kumbura ƙarfen da kusan kashi 4 cikin ɗari na girmansa.

Matsalar ita ce ba lokaci guda ake yin kumburin ba. Bayan ƙarfen, da yake shi ruwa ya fara taɓawa, shi ne ya fara rikiɗa ya kumbura, kuma a lokacin cikin yana da zafi da taushi, don haka ya bi shi ba gardama. Daga baya sai cikin ya huce, shi ma ya nemi kumbura, amma ya tarar an kewaye shi da ɓawo mai tauri wanda ba ya miƙewa. Cikin yana turawa, ɓawon yana ɗamewa kamar fatar ganga, kuma matensait ba ya jure ja. A bakin huda da kusurwa mai kaifi wannan ja yakan ninku, shi ya sa tsagar ta faro daga can. Zafin da ɗalibin ya zarce da shi ya ƙara dagula lamarin, domin ya sa ƙwayoyin ƙarfen sun yi girma, kuma tsaga ta fi samun hanya a tsakanin manyan ƙwayoyi.

Me ya kamata ya yi?

Babban kuskurensa, a ganina, shi ne barin ƙarfen ya kwana. Da zarar ya huce yadda hannu zai iya riƙe shi, ya kamata a mayar da shi tanderu a kan digiri 150 zuwa 200 na kimanin awa guda, wanda zai sassauta ja-in-jan ba tare da taurin ya ragu sosai ba. Tsoma shi a mai maimakon ruwa yana rage bambancin zafi tsakanin waje da ciki, kodayake ƙarfe mai kauri wanda kabon kaɗai gare shi yana iya ƙin yin tauri a mai. Goge kaifin bakin hudar tun kafin gashi shi ma yana taimakawa.

Ta yaya za a gane an samu tsaga idan ido bai gani ba?

A rataye ƙarfen a ƙwanƙwasa shi: lafiyayye yakan yi ƙara mai tsawo, tsagagge kuwa ƙararsa a dakushe take. Ko a shafa masa kananzir, a goge, a barbaɗa garin alli, sai kananzir ɗin da ya shige tsagar ya fito ya zana layi a kan allin.

Ke nan duk ja-in-jan da ya saura a ƙarfe illa ne?

A'a. Idan bayan ƙarfen kaɗai aka taurara aka bar cikinsa da taushi, kamar yadda ake yi wa haƙoran giyar mota, ɓawon ne yake neman kumbura, cikin kuma yana riƙe shi, sai ɓawon ya kasance a matse. Matsi yana rufe bakin tsaga ne, don haka irin wannan giya takan daɗe tana aiki kafin haƙoranta su fara tsagewa.