Ma'anar "ciki mai haɗari", da abin da ake nufi in mace ta haura shekara 35

Kwanan nan kusan duk shirin lafiya da za ka kunna a rediyo sai ka ji an ce "ciki mai haɗari", kuma yawanci sai a haɗa shi da mace mai shekara 35 ko fiye. Wani mai gabatarwa ma na ji ya ce cikin mace mai shekara arba'in "kasada ne da rai". Wannan furuci ya dame ni, domin na san akwai matan da ke saurare da cikin a jikinsu, kuma ba abin da ma'aikatan asibiti ke nufi ke nan ba.

Matsalar a cikin kalmar take. "Haɗari", ko "hatsari", daga Larabci muka aro ta, kuma a bakin Bahaushe ta fi zuwa ne da abin da ya riga ya auku: an yi haɗarin mota, mutum kaza sun rasu. Saboda haka in aka gaya wa mace cikinta mai haɗari ne, abin da kunnenta ke ji shi ne an riga an yanke mata hukunci. Shi kuwa likita lissafi yake yi: cikin mata ɗari masu irin shekarunki, mutum nawa ne abu kaza ke samu? Ni da za a bi tawa, da ɗaya kalmar aka yi amfani da ita, wato hadari na sama. Hadari ya haɗu a gabas ba ya nufin lallai za a sha ruwa. Sau nawa yake tasowa baƙi ƙirin, iska ta kore shi? Amma mai hankali yakan kwashe shanyarsa. Abin da ungozoma ke nufi ke nan in ta yi wa katin awonki alama: wannan a riƙa duba ta sosai.

Ita kanta shekara 35 ɗin ba katanga ba ce. Likitoci ne suka zaɓi wurin ja layi tun shekaru da dama, don su san waɗanda za a ƙara wa gwaji. Ba wani abu ne ke karyewa a jikin mace ranar da ta cika 35 ba, abin a hankali yake hawa. Ɗauki lalurar Down, mai jinkirta girman yaro da koyonsa, wadda ita aka fi tsorata mata da ita. A shekara 25, kusan jariri ɗaya ne cikin 1,250 ake haifa da ita. A 35, kusan ɗaya cikin 350. A 40, kusan ɗaya cikin 100. Mai son tayar da hankali zai ce haɗarin ya ninka fiye da sau goma, kuma bai yi ƙarya ba. Sai dai ɗaya cikin ɗari na nufin mata 99 masu shekara arba'in za su haifi 'ya'yansu babu wannan lalura. Wannan rabin maganar ne ba na ji a rediyo.

Ɓari kam yana ƙaruwa da gaske, kuma bai kamata a ɓoye ba. Ga 'yar ƙasa da talatin, kusan ciki ɗaya cikin goma ne ke zubewa. Bayan 45 yakan haura rabi. Galibi daga ƙwan ne, wanda ya daɗe a jiki tun ranar da aka haifi uwar, ba daga daka ko ɗaukar tulu ba. Ya kamata dangin miji su san wannan kafin su fara zargi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, ana kallon jariri an manta da uwa. A wurinmu mace mai shekara arba'in da ciki ba kasafai take zama mai cikin fari ba. Yawanci haihuwarta ta shida ce ko ta takwas. To abin da ya fi yi mata barazana shi ne hawan jini da zubar jini bayan haihuwa.

Yayata ta yi ciki tana da shekara 41, bayan haihuwa bakwai. Da al'adarta ta tsaya sai ta ɗauka ɗaukewa ta yi, har ciki ya kai wata huɗu. Ta ƙi zuwa awo don kunya, ga 'yarta ta fari ita ma da goyo, ga kuma tunanin cewa wadda ta haifi bakwai a ɗakinta me asibiti zai koya mata. Da ƙyar na shawo kanta. Na ce, "Yaya, ki je ko don a auna jininki." Ta ce, "Ke dai ƙanwata, ni lafiyata ƙalau, ko ciwon kai ba na yi." Kuma gaskiya ta faɗa, domin hawan jinin masu ciki yakan zo shiru. A mako na 31 awonta ya nuna 150/95. Iyakar da ake dubawa ita ce 140/90. Aka gwada fitsarinta don a ga ko furotin na zuba, saboda hawan jini tare da furotin a fitsari bayan mako 20 shi ne matakin da ke zuwa kafin jijjiga. Aka sa ta a magani, aka mayar da awonta kowane mako, aka kuma gaya mata alamun da ba a kwana da su a gida: ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, ciwo a ƙasan haƙarƙarin dama, ko motsin jariri ya ragu. A mako na 38 aka tayar mata da naƙuda, ta haihu da kanta, aka yi mata allurar tsuke mahaifa nan take, domin mahaifar da ta haihu sau da yawa ba ta saurin tsukewa.

Ƙarin gwaje-gwajen da ake magana a kai ba su da yawa. Akwai sikanin tsakanin mako 11 da 14, inda ake auna kaurin ruwan da ke bayan wuyan jariri. Wannan hasashen lalura irin ta Down kawai yake bayarwa, ba tabbaci ba, kuma in ya nuna alama sai an yi wani gwajin kafin a ce komai. Akwai sikanin mako 18 zuwa 22 na duba gaɓoɓi da wurin da mabiyiya ta kwanta. Sai gwajin suga tsakanin mako 24 da 28, wanda ake zuwa ba a karya ba, a sha ruwan gulukos giram 75, a riƙa ɗibar jini. Wadda ta fara awo da wuri kuma likita ya ga tana da yiwuwar hawan jini, yakan rubuta mata ƙaramin asfirin daga mako 12, abin da ya wuce yayata saboda ta makara. Ba magani ba ne da za a saya a kemis bisa shawarar maƙwabciya.

Ga wadda ta kai arba'in, likitoci da yawa ba sa son ciki ya zarce lokacinsa, saboda yiwuwar mutuwar jariri a ciki na ɗan ƙaruwa a makonnin ƙarshe. Shi ya sa za ki ji an ce a tayar da naƙuda wajen mako 39 ko 40. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2016 cewa kowace mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas, na farko kafin mako 12 ya wuce. Yayata a zuwanta na uku aka gano hawan jinin.