Ka samu x da y, to ka gwada su a ikweshan biyun?

Yaya ake gwajin nan?

Idan an ba ka ikweshan guda biyu masu x da y ka warware su tare, ka ɗauki x da y da ka samu, ka sa su a ikweshan na farko, ka lissafa ɓangaren hagu, ka duba ko ya yi daidai da abin da ke dama. Sai ka yi wa na biyu haka. A ce an ba ka 2x + 3y = 12 da x − y = 1, ka samu x = 3, y = 2. Na farko: 6 + 6 = 12. Na biyu: 3 − 2 = 1. Shi ke nan.

Na gwada a ɗaya ya yi daidai, ba sai in wuce ba?

A'a. Kuma na san wanda ka gwada: wanda ka samo y da shi ne. Wannan ba zai taɓa ƙaryata ka ba. A ce ka yi kuskure ka samu x = 4, ka sa a x − y = 1, ya ba ka y = 3. Gwaji zai nuna 4 − 3 = 1, ka yi ta murna. Je ka ɗayan: 8 + 9 = 17, alhali 12 ake nema. Lambobin da za su gamsar da ikweshan guda ba su da iyaka. Waɗanda za su gamsar da biyun tare ake tambayar ka.

Zan iya gwadawa a wanda na riga na ninka?

Kada ka soma. Koma kan takardar tambaya. Mai ninka x − y = 1 da 3 sau da yawa yakan manta ɓangaren dama, ya rubuta 3x − 3y = 1. Daga nan x = 2.6 zai fito, kuma zai dace da layin da aka lalata, tunda daga shi ya fito. Na asali ne kaɗai zai tona asirin.

Amsata da desimal take. Gwaji ya ba ni 5.02 maimakon 5. Na faɗi ke nan?

Kwantar da hankalinka, mai yiwuwa ba ka faɗi ba, amma ba zan ce maka ka ci kai tsaye ba. Ɗauki x + 2y = 4 da 4x − y = 5. Amsar gaskiya ita ce x = 14/9, y = 11/9. In ka taƙaita su zuwa gurbi biyu, za su zama 1.56 da 1.22. Na farko zai ba ka 4.00 cif, na biyu kuma 6.24 − 1.22 = 5.02. Aikinka lafiya lau yake, taƙaitawa ce ta kawo rarar.

Akwai hanyar auna ta. Lambar da aka taƙaita zuwa gurbi biyu ba ta kauce wa ta gaskiya da fiye da 0.005. An ninka x da 4, y kuma da 1, don haka tazarar ba za ta wuce 0.005 sau 5 ba, wato 0.025. Taka 0.02 ce, tana ciki. Da 5.2 ka samu, da na ce ka koma ka nemo kuskure.

Sai dai ƙaramar tazara ba kullum take wanke mutum ba. Duba x + y = 2 da x + 1.01y = 2.01, waɗanda amsarsu x = 1, y = 1 ce. Wani ya kawo x = 2, y = 0. Na farko ya ba shi 2 daidai, na biyu ya ba shi 2 maimakon 2.01. Tazarar 0.01 ce kawai, amsar kuwa ko kusa ba ta yi ba. Hakan na faruwa idan ikweshan biyun sun yi kama sosai, layukansu a giraf suna tafiya kusan kafaɗa da kafaɗa. Ba kasafai ake kawo irin wannan a aji ba, amma ni shawarata ka yi gwajin da 14/9 da 11/9 yadda suke. 56/9 − 11/9 = 45/9 = 5, babu sauran gardama. Ka bar taƙaitawa sai layin ƙarshe.

Alamar ragi tana ruɗa ni wajen sakawa.

Sa baka. In x = 3, y = −2, to 2x − 3y ka rubuta shi 2(3) − 3(−2), wato 6 + 6 = 12. Mai gaggawa ya rubuta 6 − 6, ya samu sifili, ya soke amsar da ba ta da laifi.

Gwajin bai fita ba, daga ina zan fara?

Fara da sake gwajin kansa, don shi ma ana kuskure a cikinsa. Sannan ka duba ko ka musanya x da y. In ɗaya ya dace ɗaya ya ƙi, yawanci lambar da ka fara samu ce gurɓatacciya, sai ka bi layin ninkawa da na ragewa ɗaya bayan ɗaya. In duka biyun sun ƙi, duba yadda ka kwafo tambayar da kuma inda ka samo lamba ta biyu.